Yadda za ka karanta babban yatsa da aka turo maka shi kaɗai a guruf ɗin wurin aiki

Duk Bahaushe ya san kalmar "to" ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai "to" ta wanda ya amince, akwai "to" ta wanda yake son ka gama magana ka ba shi wuri, akwai kuma "to" ta wanda ransa ya sosu amma kara ta hana shi faɗi. A baki ba ma ruɗewa, domin murya tana tare da kalmar, fuska ma tana nan. Alamar babban yatsa (👍) a WhatsApp ita ce wannan "to" ɗin, sai dai an cire mata murya da fuska. Shi ya sa ma'aikaci zai kwana yana juyi a kan abin da mai gidansa ya danna cikin daƙiƙa ɗaya.

Na yi shekaru ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Sakkwato, kuma kusan dukan aikinmu a guruf yake tafiya. Da wani abu da ya faru da ni zan bi matakan, don a ga yadda ake yi a aikace.

Ranar wata Alhamis, ƙarfe 9:40 na dare, na rubuta a guruf ɗinmu mai mutum 14. Saƙon dogo ne. Na ce motar da za ta kai kaya Illela ranar Asabar tayarta ta baya ta lalace, direba ya ce gyaran zai ci naira 45,000, ina ganin a ɗaga tafiyar zuwa Litinin, kuma ina tambaya ko in sanar da mai kayan tun yanzu. Na ƙara da cewa tun makon jiya na yi maganar tayar. Manaja bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Babban yatsa kawai ya ajiye.

Fara da saƙonka, kafin ka je ga yatsansa

Yawancin mutane a nan suke kuskure. Suna zuba wa yatsan ido suna neman fassara, alhali rabin amsar tana cikin abin da su da kansu suka rubuta. Koma ka karanta saƙonka kamar wani ne ya turo maka, ka tambayi kanka: wane iri ne?

In sanarwa ce, kamar "an ɗaga taro zuwa ƙarfe 10", yatsa yana nufin "na gani", kuma ya wadatar. Ba ka nemi komai ba, don haka ba a hana ka komai ba. In tambaya ce guda ɗaya da ake amsawa da e ko a'a, kamar "in rufe sito ƙarfe 5?", yatsa ya fi kusa da e. In kuwa tambayar mai rassa biyu ce, "Asabar ko Litinin?", yatsa bai amsa komai ba, domin ba ya iya zaɓe. Abin da kawai yake nunawa shi ne mutumin ya wuce ta kan saƙon, wataƙila ma bai kai ƙarshensa ba.

Da na sake karanta nawa, sai na ƙirga abubuwa huɗu a ciki: labarin taya, neman kuɗi, shawarar ɗaga tafiya, da tambaya a kan mai kaya. Ga kuma jimlar ƙarshe, wadda ko da ban yi nufi ba, tana ɗauke da zargi, kuma a gaban mutum 13 na ajiye ta. Yatsa ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan kayan duka ba. Ko da amincewa ce, da wanne ya amince? Da ɗaga tafiya, ko da fitar da kuɗi? Wannan tambayar ita ce ta hana ni garajen zuwa wurin akanta da safe in ce manaja ya yarda.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kamata ka duba a nan. WhatsApp yana ba ka damar gyara saƙo cikin minti 15 bayan ka tura. In ka gyara adadin kuɗi ko rana bayan an riga an sa maka yatsa, yatsan yana nan daram a jikin saƙon, amma tsohuwar maganar ya gani. Kada ka ɗora sabuwar a kansa.

Duba yadda yatsan ya zo

Hanya biyu ce. Ko dai mutum ya danna saƙonka ya riƙe, ya maƙala yatsan a jikinsa, ya fito ƙarami a ƙasan saƙon; ko kuma ya turo shi a matsayin saƙo mai zaman kansa, ya fito babba a tsakiyar hira. WhatsApp ya shigo da maƙalawar a watan Mayu na 2022, da alamomi shida, kuma babban yatsa shi ne na farko a jerin. Wato shi ne mafi kusa da hannu. Mutumin da ke bayan kabu-kabu a shataletalen Gidan Dare, ko wanda aka tayar da iƙama yana ƙoƙarin sa waya a aljihu, shi zai danna. Saboda haka yatsan da aka maƙala ba shi da nauyi sosai. Sau da yawa ladabi ne ma, domin sanarwarsa mai saƙon kaɗai take zuwa wa, ba ta damun sauran jama'ar guruf.

Wanda aka turo shi kaɗai a matsayin saƙo ya fi ɗaukar magana. Mai shi ya buɗe wurin rubutu, yana da damar ya rubuta "to madalla" ko "Allah shi kai mu", amma ya zaɓi ya ajiye yatsa inda kowa zai gani. Wani lokaci hatimi ne, yana son kowa ya san ya amince. Wani lokaci kuma rufe ƙofa ne, yana cewa maganar ta tsaya nan. Idan ya zo a tsakiyar ja-in-ja, bayan ka turo dogon bayanin kare kanka, kusan kullum rufe ƙofar ne. Sai dai ka lura da shekarun mutum: dattawa da yawa ba su saba da maƙalawa ba, koyaushe turowa suke yi, don haka a wurinsu bambancin nan bai nuna komai ba.

Na manajanmu turowa ya yi, kuma na san ya iya maƙalawa.

Sai lokaci. Danna saƙonka ka riƙe, ka shiga Info. Za ka ga Read by da Delivered to, da sunayen mutane da lokacin da kowa ya buɗe. A guruf wannan yana aiki ko da mutum ya kashe alamar karantawa a wayarsa. Kwatanta lokacin da ya buɗe da lokacin da yatsan ya shigo. In saƙonka layi goma ne kuma yatsa ya faɗo a cikin minti ɗin da ya buɗe, da wuya ya karanta duka, "na gani" ce kawai. In ya buɗe, ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya dawo ya ajiye yatsa shi kaɗai, to ya yi tunani, kuma ya zaɓi kada ya yi magana. Amma kada ka mai da wannan awo abin rantsuwa. Mutum yana iya karanta saƙo daga saman waya ba tare da ya buɗe ba, kuma mu da muke aika motoci ƙauyuka mun san yadda sabis yake riƙe saƙo ya sake shi daga baya.

A nawa, ya buɗe ƙarfe 9:43, yatsan ya shigo 10:15. Minti 32 tsakani.

Auna shi da halin mutumin, ba da halinka ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa saboda yana buƙatar haƙuri. Ja hirar guruf ɗin baya, ka nemo amsoshinsa kamar goma na ƙarshe, ka dubi abu biyu: yadda yake amsa wa kowa, da yadda yake amsa maka kai.

Akwai mutanen da yatsa shi ne dukan maganarsu a waya. An yi haihuwa yatsa, an kawo rahoto yatsa, an nemi izini yatsa. Irin wannan mutumin in ya sa maka, babu abin karantawa a ciki. Wanda ya kamata ka tsaya a kansa shi ne wanda ya sauya. Mutumin da ya saba rubuta maka "sannu da ƙoƙari, a yi hakan", yau ya koma yatsa tsirara, sauyin shi ne saƙon. Ka kuma duba ko a wannan ranar haka ya yi wa kowa. In kowa ya samu yatsa, ranar ce ta yi masa zafi, ko yana hanya, ko yana wurin jana'iza, ko azumi ne a zafin Afrilu na Sakkwato da ba ya barin mutum ya yi dogon rubutu. In kuwa ya rubuta wa akanta layi biyu da addu'a minti kaɗan kafin naka, kai kuma ya ba ka yatsa, to abin naka ne.

Bayan haka sai ka bi sawun tsofaffin yatsunsa ka ga abin da ya biyo bayansu. Sau nawa ya sa yatsa a kan neman kuɗi, kuma kuɗin suka fita ba tare da an sake magana ba? In haka aka saba, yatsansa sa hannu ne. In kullum sai an sake tuntuɓarsa, yatsansa shaidar karɓar saƙo ce kawai.

Wannan hanyar ba dabarar zaman ofis ba ce kaɗai, har kotu ta bi ta. A shekarar 2023, wata kotu a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ta yanke hukunci tsakanin kamfanin sayen amfanin gona South West Terminal da kamfanin noma Achter Land & Cattle. Mai saye ya tura wa manomin hoton takardar yarjejeniya ta waya, ya nemi ya tabbatar, manomin ya mayar da babban yatsa. Lokacin kai kaya ya zo bai kai ba, ga farashi ya tashi. A kotu ya ce shi nufinsa kawai ya ga saƙon. Alƙali bai karɓi wannan ba, domin ya duba cinikin da suka yi a baya ya ga manomin ya saba tabbatar da yarjejeniya da gajerun kalmomi ta waya, kuma yana cika su. Aka ce ya biya sama da dalar Kanada 82,000. Hukuncin Kanada ne, ba dokar Najeriya ba ce, amma yadda alƙalin ya yi awon shi ne abin ɗauka: bai tambayi me yatsa yake nufi a duniya ba, ya tambayi me yake nufi tsakanin waɗannan mutum biyu.

Da na ja tamu hirar baya, na ga manajanmu mutum ne mai rubutu. In ya amince da kuɗi yakan ce "akanta a ba shi", da kalmomi, domin ya san akanta ba ya fitar da ko sisi sai ya ga haka. A cikin amsoshinsa goma da na duba, yatsa shi kaɗai sau biyu ya fito, kuma duka a kan sanarwa ne. Bai taɓa amsa neman kuɗi da yatsa ba.

Wa ya sa wa wa

Matsayi yana juya ma'anar. Daga babba zuwa ƙarami, yatsa abu ne da aka saba, domin babba ba ya bin ƙarami bashin dogon jawabi. Daga ƙarami zuwa babba kuwa, a garin da yaro yake cire takalmi ya durƙusa kafin ya gaida na gaba, yatsa tsirara yana iya zama kamar ka amsa kiran dattijo da ɗaga gira. Na ga shugabannin da suka ƙullaci matasan ma'aikata a kan wannan, alhali matashin a ransa ya yi biyayya ne cikin hanzari. In kai ne babban, kafin ka ce yaron ya raina ka, dubi ko ya aikata abin da ka ce. In kai ne ƙaramin, kalma uku ba za su ci maka data ba: "To, ranka shi daɗe."

Tsakanin abokan aiki mace da namiji ma akwai abin lura. Mata da yawa suna zaɓar yatsa da gangan domin shi ne amsar da ba ta buɗe ƙofar hira, kuma ba wanda zai yi mata wata fassara a gaban jama'a. Wannan kamun kai ne. Kada ka karanta shi a matsayin fushi.

Tsakanin sa'o'i ne yatsan fushi ya fi yawa, musamman in ka yi wa mutum gyara a bainar guruf, ko ka tura masa aikin da yake ganin ba nasa ba ne. Ba zai so ya yi musu a gaban manaja ba, ba zai kuma iya cewa "na gode" ba, sai ya ajiye yatsa.

Haɗa abin da ka samu, sannan ka tambaya

Alama ɗaya ba ta isa. Ni nakan jira sai uku sun taru a gefe ɗaya kafin in karkata. A wannan daren ga abin da ke hannuna: saƙona yana da zargi a ƙarshe, yatsan turowa aka yi, an yi jinkirin rabin sa'a bayan karantawa, kuma ya saɓa wa yadda mutumin ya saba amsa maganar kuɗi. Sai na karkata ga cewa ba amincewa ba ce, akwai ɓacin rai a ciki. Duk da haka na riƙe shi a matsayin zato, domin wanda ya riga ya tsargu da kansa yana ganin fushi ko'ina, kuma ni na tsargu da jimlar nan ta ƙarshe.

Abin da ya rage shi ne tambaya, kuma yadda ka yi ta shi ne komai. Kada ka tambaya a guruf. In ransa a ɓace yake, ka tilasta masa ya bayyana a gaban mutane, in kuma ba haka ba ne, ka ƙirƙiro rigimar da babu ita. Kada kuma ka tambayi ma'anar yatsan. "Yallaɓai, me kake nufi da wannan alamar?" tambaya ce da take sa mutum ya kare kansa, kuma amsar da za ka samu ita ce "ba komai", wadda ba ta ƙara maka komai ba. Tambayi aikin. Abu ɗaya, mai adadi da rana, wanda za a amsa da e ko a'a. In kuma maganar ta haɗa da kuɗi, ko fitar da kaya, ko izinin rashin zuwa aiki, kada ka motsa sai ka samu kalma a rubuce, ko da kana da yaƙinin yatsan amincewa ne. Ranar bincike, "ai ya sa mini yatsa" ba ta tsayawa da ƙafarta.

Ban rubuta masa a daren ba. Ƙarfe goma ta wuce, kuma saƙo na biyu a wannan lokacin matsi ne. Da safe, bayan ƙarfe 8, na tura masa shi kaɗai: "Ranka shi daɗe, an kwana lahiya? Maganar tayag ga ta motar Illela, in je wurin akanta in amshi dubu 45 ɗin yau?" Ban sa maganar Litinin ba, ban sa ta mai kaya ba.

Yadda amsar za ta zo shi zai warware maka zaton. In amincewa ce tun farko, amsar tana zuwa da sauri, wani lokaci da ɗan mamaki: "E mana, ai na sa maka hannu tun jiya." In kawar da kai ne, sai ka ji "bari mu gani" ko "zan neme ka", ko wani yatsan ya sake faɗowa. A nan kada ka yi ta turo saƙo, ka je ka same shi, ko ka kira, domin an nuna maka ba a son yanke maganar a rubuce. In kuwa fushi ne, amsar takan zo a gajarce ba gaisuwa, ko ta zo da abin da yake cin mutumin.

Tawa ta zo bayan minti biyar: "Ka ishe ni ofis." Ba amsa gaisuwa.

Da na shiga na gaishe shi, na zauna inda ya nuna mini. Ya ce kuɗin ba matsala ba ne, ya riga ya gaya wa akanta. Ɗaga tafiyar ce bai yarda da ita ba, domin ya yi wa mai kayan alkawarin Asabar da bakinsa, don haka a gyara tayar a yau kafin a tafi masallacin Juma'a. Sannan ya ce, "Amma maganar da kac ce tun makon jiya ka faɗi, gaban yara ba wurinta ba ne. Ai ofis ɗina buɗe yake." Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce.

Ka ga a cikin yatsa ɗaya akwai amincewa da kuɗi, akwai ƙin ɗaga tafiya, akwai ɓacin rai a kan jimla ɗaya. Da na ɗauke shi a matsayin e ga dukan saƙon, da tun daren na kira mai kayan na ce masa sai Litinin, na karya alkawarin da ban san an yi ba. Da kuma na ɗauke shi a matsayin watsi da maganata na yi zuciya na zauna, da Asabar ta zo motar tana tsaye.

Tun daga ranar na sauya yadda nake rubutu a guruf. Sanarwa daban, tambaya daban, kowace a saƙonta. In ina neman zaɓi tsakanin abu biyu, nakan sa musu lamba in ce a amsa da 1 ko 2, yadda yatsa ba zai samu wurin zama ba. Maganar kuɗi nakan rufe ta da "sai na ji daga gare ka, ranka shi daɗe", don a san kalma nake jira. Ƙorafi kuwa ba ya shiga guruf, nakan kai shi ofis da ƙafata. Daga baya, a wani taron ma'aikata, akanta ya kawo shawara aka amince: a guruf ɗinmu yatsa yana nufin "na gani" kawai, izinin kuɗi ko na fitar da kaya kuwa sai an rubuta "a yi" tare da adadin. An rubuta wannan a bayanin guruf ɗin, inda duk sabon ma'aikacin da aka saka zai gani.